Motsa jiki a watan azumi ga mai zuwa aiki: tambayoyin da ake yawan yi kan zaɓar lokaci

Duk shekara da zarar an ce Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, tambayoyin nan ne dai ke dawowa daga masu ɗaga ƙarfe, masu gudun safe da ƴan ƙwallon unguwa. Lokutan da na sa a ƙasa na Kano da kewayenta ne idan azumi ya faɗo a Fabrairu zuwa Maris, wato asuba wajen 5:30, magariba wajen 6:35, isha a masallaci kusan ƙarfe 8. Wanda ke Sakkwato ko Yamai nasa zai ɗan yi baya, na Maiduguri kuma ya riga mu, sai kowa ya gyara da na garinsu.

Dole ne in ajiye tirenin gaba ɗaya har sai bayan Sallah?

A'a, in dai lafiyarka ƙalau. Wata guda cur ba ka taɓa komai ba jiki na komawa baya, musamman numfashi, shi ne ke fara guduwa tun a sati na biyu zuwa na uku, ƙarfin damtse kuma ya fi shi jurewa amma shi ma yana raguwa. Abin da ya kamata ka ajiye shi ne burin ƙaruwa. Watan nan na riƙe abin da ka tara ne, ba na ƙara nauyin ƙarfe ko rage mintunan gudu ba.

Wanda kuma bai taɓa motsa jiki ba ya ce bari ya fara a azumi don tumbi ya sauka, to ya fara da tafiyar ƙafa kawai, sauran ya bari sai Shawwal.

To wane lokaci ne ya fi dacewa?

Lokuta huɗu ne kusan kowa ke zagayawa a kai: kafin sahur, bayan sallar asuba, awa ɗaya kafin shan ruwa, da kuma dare bayan an sha ruwa. Kowanne zan zo kansa a ƙasa. Amma tambayar da za ka riƙa yi wa kanka guda ɗaya ce, in na gama zufar nan, minti nawa ko awa nawa ya rage kafin in samu in sha ruwa? Amsar ita ke faɗa maka nauyin abin da za ka iya yi. In ruwa na hannunka kana yi kana kurɓa, yi mai nauyi. In saura minti talatin a kira salla, yi matsakaici. In kuwa saura awa goma sha biyu, kada ka yi abin da zai jiƙa maka riga.

Sai abu na biyu da mutane ke mantawa, aikinka shi ke fara zaɓa kafin kai. Ma'aikacin banki da ke tashi daga aiki ƙarfe 5 na yamma ya shiga gosulo ba shi da lokacin yamma ko da littattafan duniya sun ce shi ya fi. Don haka ka fara zana ranarka, lokacin fita, lokacin dawowa, asham, bacci, sannan ka duba inda rami ya rage. Akwai misali a ƙasa na wani ma'aikacin ofis da na bi ranarsa daki-daki.

Me ya sa kowa ke cewa gab da shan ruwa? Ai lokacin ne mutum ya fi galabaita.

Gaskiya ne ka fi galabaita, amma kuma lokacin ne kuskure bai da tsada. Ko ka yi zufa fiye da yadda ka tsara, dabino da ruwa na jiranka nan da ƴan mintuna, kuma abincin da za ka ci daren nan shi zai gyara tsokar da ka wahalar. Rana ma ta yi sanyi. Ƙari a kan haka jikin ɗan Adam dama ya fi ɗumi da laushin gaɓoɓi da yamma fiye da sanyin safiya, shi ya sa da yawa ke mamakin cewa ƙarfen da suka zata ba zai ɗagu ba ya ɗagu.

Yadda ake yi, ka fara wajen 5:40 ka gama 6:20, minti talatin zuwa arba'in ya isa, ka bar kwata na watsa ruwa da alwala. Abin da ya dace a nan shi ne sassarfa wadda za ka iya magana kana yi, keke a hankali, ko ƙarfe matsakaici da hutu mai tsawo tsakanin zagaye. Abin da bai dace ba shi ne gudun tsere, hawa bene da gudu, ko gwada ƙarfen da ba ka taɓa ɗagawa ba. Sukarin jini ya yi ƙasa, ruwan jiki ya ragu, jiri na iya ɗibarka daidai lokacin da ka miƙe daga tsugunne da ƙarfe a kafaɗa, kuma ba lokacin da za ka so hakan ya faru ba kenan.

Kuskuren da na fi gani shi ne a fara tun bayan la'asar, ƙarfe 4:15, wai don a gama da wuri a je tafsiri. A watan Maris a Kano zafi a wannan lokacin na iya kai maki 38, kuma in ka gama ƙarfe 5 akwai sauran awa ɗaya da rabi kana zaune da busasshen maƙogwaro. Wannan ba "gab da shan ruwa" ba ne, tsakar rana ce da wani suna.

Bayan asuba fa? Gari da sanyi, ciki da abinci, kuma shi ne lokacina tun asali.

Masu gudun safe ne suka fi yin wannan tambayar kuma na san ciwon rabuwa da lokacin da ka saba. Matsalar lissafi ce. Mutumin da ya yi gudu na awa ɗaya yana iya zubar da zufa daga rabin lita zuwa sama da lita ɗaya da rabi, ya danganta da jikinsa da yanayin gari. In ka zubar da wannan ƙarfe 6:30 na safe, ba mai mayar maka sai 6:35 na yamma, kuma a tsakani akwai aiki, akwai rana, akwai fitsari da numfashi da ke ci gaba da ɗibar ruwa. Ciwon kan da ke kama wasu da azahar yawanci daga nan yake.

Kuma sahur ɗin da kake ganin ya ba ka ƙarfi bai ma bar cikinka ba tukuna, abinci mai nauyi na ɗaukar awa biyu zuwa uku kafin ya sauka, sai ka ji yana dawo maka wuya kana gudu, ga haɗarin amai da azumi a baki. In dole sai safiya, to tafiyar ƙafa ta minti ashirin zuwa talatin ko miƙe gaɓoɓi. Lokacin hunturu ma kar sanyi ya ruɗe ka, iskar busasshiya ce, zufar na bushewa kafin ka gan ta amma ta fita.

Idan da dare zan yi, kafin asham ko bayan asham? Kuma me zan ci kafin nan?

Tsakanin magariba da isha akwai kamar awa ɗaya da kwata, in ka cire buɗa baki da salla saura minti arba'in. Yana yiwuwa ga wanda kayan motsa jikinsa na gida ko jim ɗin na bayan layinsu, amma sharaɗin shi ne ka buɗa baki da ɗan abu kaɗan, dabino uku, ruwa leda ɗaya, ƙaramin kofin kunu, shi ke nan. Ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai su jira. A gidajenmu wannan ya fi komai wuya, domin faranti na gabanka kowa na ci, kai kana cewa sai anjima.

Bayan asham shi ne lokacin da ya fi dacewa da aiki mai nauyi. An idar wajen 8:45 a masallatan da ba sa ja da yawa, ruwan da ka sha tun magariba ya shiga jiki, abin da ka ci ya fara sauka, kuma za ka iya sha kana yi. Duk ƙarfe mai nauyi, gudu mai tsanani da ƙwallo ta gaske nan ne wurinsu. Tsarin cin da ke aiki shi ne a raba biyu, ɗan matsakaici da magariba, kunu da ƙosai uku ko huɗu da kankana, sannan babban abincin, tuwo ko shinkafa da wake da nama, bayan ka gama tirenin. Wanda ya narki tuwo ƙarfe 7 ya zo jim ƙarfe 9, zai yi ta gyatsa ne kawai.

Kuɗin da ake biya a wannan lokacin bacci ne, duba amsar bacci a ƙasa kafin ka yanke shawarar yin sa kullum.

Na ji wasu na tashi ƙarfe 3:30 su yi kafin sahur. Yana da kyau?

Ta fuskar ruwa da abinci ba laifi, kana sha kana yi, kana gamawa ka zauna sahur. Amma yana aiki ne kawai ga wanda ya kwanta ƙarfe 9:30 ko 10, ko wanda zai iya komawa bacci bayan asuba har ƙarfe 8 ko 9. Ga mai fita aiki ƙarfe 7 na safe, sati ɗaya zai yi ya fara gyangyaɗi a kan tebur. Kuma ka tabbata ka gama aƙalla minti arba'in kafin alfijir, don zufa kan ci gaba da zuba bayan an tsaya, kuma ruwan da ka ɗura lita guda a minti biyar na ƙarshe rabinsa fitsari zai zama kafin hantsi.

Ina aikin ofis 8 zuwa 4, ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a sati da ƙwallo ranar Asabar da safe. Ya zan tsara?

Bari mu ɗauka nauyinka kilo 75, kana zaune a Kano, ofis ɗinku bai rage lokaci ba (wasu jihohi irin Jigawa sukan rage wa ma'aikatan gwamnati awanni a azumi, in kana cikinsu ka samu sauƙi). Kana isa gida wajen ƙarfe 5 saboda cunkoson yamma, wanda kowa ya san a azumi ya fi muni don kowa na sauri ya sha ruwa a gida. Abu na farko, sau huɗun nan ya koma biyu masu nauyi, kowanne ya taɓa jiki gaba ɗaya, ƙafa, ƙirji da baya, maimakon ware wa kowane sashe ranarsa. Sa su daren Talata da daren Juma'a bayan asham. Na zaɓi Juma'a ne don Asabar ba aiki, za ka rama bacci, kenan dare ɗaya kawai a sati ne zai matse ka. Ƙwallon safiyar Asabar ta tashi daga nan, ta koma yammacin Lahadi gab da magariba a buga minti talatin, ko kuma dare in akwai fili mai fitila. Litinin da Alhamis in kana jin ƙarfi ka yi tafiyar ƙafa ta minti talatin daga 5:45. Laraba hutu.

Ga yadda Talatar za ta kasance. Ka tashi sahur 4:40, asuba 5:30, ka koma ka kwanta daga 6 zuwa kusan 7. A ofis bayan azahar ka nemi minti ashirin ka runtsa ko a mota ne. Ka dawo gida ƙarfe 5, kar ka yi komai, ka huta. 6:35 dabino, ruwa leda ɗaya, kunu da ƙosai kaɗan, bayan salla wata ledar, ka tafi asham da gora a hannu. 9:10 ka fara, minti biyar na ɗumama jiki, sannan atisaye huɗu ko biyar, kowanne zagaye biyu zuwa uku da nauyin da ka saba ɗagawa kafin azumi ko ƙasa da shi kaɗan. 9:55 ka gama, ba hira a bakin jim. 10:20 babban abinci, 11:15 kana kan gado. Baccinka ya zama awa biyar da ɗan wani abu da dare, kusan awa ɗaya bayan asuba, da minti ashirin na rana, jimla wajen shida da rabi. Bai kai yadda ake so ba, shi ya sa sauran darare sai ka kwanta ƙarfe 10.

Yadda za ka gane tsarin bai karɓe ka ba, in ƙarfen da kake ɗagawa sau takwas ya koma sau biyar a tirenin biyu a jere, ko Laraba ta zama ranar da kake karanta takarda ɗaya sau uku ba ka gane ba. In haka ta faru kar ka ƙara ƙoƙari, ka mayar da na Talata zuwa yamma 5:40 da nauyi matsakaici, ka bar na Juma'a shi kaɗai ya zama mai nauyi.

Ni aikin dare nake yi, wani satin kuma na safe. Akwai abin da zai yi min?

Ma'aikatan asibiti, masu gadi da ƴan kamfani su ne wannan ya shafa. Satin da kake dutin dare, misali 8 na dare zuwa 8 na safe, a wani ɓangaren ka fi kowa sauƙi, domin kana farke duk lokacin da aka halatta ci da sha, kuma rabin azumin a bacci kake yinsa. Ka kwanta da ka dawo, ka tashi azahar ka sake kwanciya, sannan ka yi atisayenka gab da magariba, ka sha ruwa ka ci ka tafi aiki. Abin da ba za ka yi ba shi ne tirenin da safe bayan ka sauka daga duti, ga rashin bacci ga yini guda ba ruwa a gaba.

Satin safe kuma ka bi tsarin ma'aikacin ofis da ke sama. Ranar da ake juyawa daga dare zuwa safe ka bar ta fanko, jiki na fama da sauya agogo, ba ya buƙatar ƙarin kaya.

Aikina a rana ne, gini, dako, tuƙin adaidaita. Ni ma in yi kafin shan ruwa?

A'a. Kai ka riga ka zubar da zufarka tun safe, lokacin yamma da ke da sauƙi ga mai zama ƙarƙashin fanka kai a wurinka shi ne mafi haɗari. In za ka yi, sai dare bayan ka sha ruwa sosai har ka yi fitsari aƙalla sau ɗaya ka ga launinsa ya washe, kuma sau biyu a sati minti talatin ya wadatar. Mai ɗaukar bulo ko buhu ma gaskiya aikinsa ya riƙe masa ƙarfi, ba abin da zai rasa in ya huta wata guda.

Ruwa nawa zan sha, kuma ta ya zan san ya isa?

Ga mutum matsakaici a zafin Arewa, lita biyu da rabi zuwa uku tsakanin magariba da alfijir, wato fiya wata leda biyar zuwa shida tunda kowace rabin lita ce, sannan a ƙara na zufar tirenin a kai. A rarraba shi, leda ɗaya da buɗa baki, ɗaya bayan magariba, ɗaya lokacin asham, haka har kwanciya, sannan ɗaya ko biyu da sahur. Ƙoda ba ta ajiye rarar da aka ɗura mata lokaci guda, zubarwa take.

In kana son sanin naka na zufa, hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama, ba riga a jiki. Kilo ɗaya da ya ɓace kusan lita ɗaya ce. A ce mutuminmu mai kilo 75 ya sauka a 74.1 kuma ya sha leda ɗaya yana yi, kenan ya yi zufar lita 1.4, giɓin da ya rage gram 900 ne. Ana mayar da giɓin da ɗan ƙari, kamar ninki ɗaya da rabi, wato kusan leda uku kafin alfijir ban da na kullum. Yanzu ka ɗauki wannan lita 1.4 ɗin ka mayar da ita ƙarfe 6:30 na safe ba ledar da zai sha, ya kusa taɓa kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa tun kafin ya sa takalmin ofis, kuma daga wannan mizanin ne ƙarfi da natsuwa ke fara raguwa a fili. Dalilin amsar da na bayar kan bayan asuba kenan.

Hanya mafi sauƙi kuma ita ce launin fitsari kafin ka kwanta da lokacin sahur. In ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske ka yi daidai, in ya yi duhu kamar shayi ba madara akwai bashi. Zoɓo, kunun aya da fura da nono duk suna shiga lissafi, sai dai a kula da sukari. Abinci mai ɗan gishiri daidai misali na taimakawa jiki ya riƙe ruwan, amma yaji da gishiri mai yawa a sahur ƙishi suke jawowa.

Waɗanne alamu ne ke nuna in tsaya nan take?

Jiri, duhun gani in ka miƙe, bugun zuciya da ya ƙi sauka bayan ka huta minti biyar, rawar hannu da zufa mai sanyi, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka. Ɗaya daga ciki ya isa ka tsaya, ka shiga inuwa, ka kwanta ka ɗaga ƙafa, ka zuba ruwa a kai da wuya, wannan ba ya karya azumi. Idan kuma mutum ya fara ruɗewa, maganarsa ba ta haɗuwa, ko ya suma, ko ƙirjinsa na ciwo, wannan ya wuce batun jiran kiran salla, a sanyaya jikinsa, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa zai iya haɗiya, a kai shi asibiti. Marar lafiya Alƙur'ani ya ba shi damar ramawa, bayanin hukuncin kuma malaminku zai yi maka.

Mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin ko ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi, lokacin gab da magariba da na yaba a sama shi ne ya fi masa haɗari. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce in awon ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a karya azumin nan take. Shi da mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari, da mai ciwon ƙoda ko sikila, su ga likita tun Sha'aban kafin su tsara komai.

Tsoka ba za ta zube ba in na rage kwanaki?

Abin da ke riƙe tsoka nauyin ƙarfen ne, ba yawan zagaye ba. Za ka iya rage yawan aikin zuwa rabi ko ma ƙasa da haka na tsawon wata guda ba ka rasa wani abin kirki ba, matuƙar nauyin bai sauka sosai ba. Akasin haka mutane ke yi, su rage nauyi su ƙara yawa, sai zufa ta ƙaru amfanin ya ragu. Ramar da kake gani a madubi a satin farko kuma yawanci ruwa ne da sitacin da tsoka ke ajiyewa, kwana kaɗan bayan Sallah suke dawowa.

Inda ake asara da gaske shi ne abinci mai gina jiki, don teburin buɗa bakinmu kusan duk gari ne da mai da sukari. Mai kilo 75 da ke ɗaga ƙarfe na buƙatar wajen gram 100 zuwa 120 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa gram shida ne kacal. Sai an haɗa, ƙwai da nono a sahur, alale ko wake da dare, kifi ko nama a babban abinci, awara in an samu.

Bacci fa? In na yi tirenin da dare sai in kasa runtsawa.

Jiki na buƙatar kamar awa ɗaya ya huce bayan aiki mai nauyi, shi ya sa a misalin ma'aikacin ofis na ce a gama kafin ƙarfe 10. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi na taimakawa. Amma sau da yawa ba tirenin ne ya hana baccin ba, shayin da aka sha a majalisa ne ko kofi ko lemon ƙara kuzari da ake sha kafin a shiga jim. Sinadarin kafeyin mai hana bacci da ke cikinsu rabinsa na nan a jini bayan wajen awa biyar, kenan wanda ya sha ƙarfe 9 har 2 na dare yana tare da shi. In ba za ka iya rabuwa da shayi ba, sha da magariba ko da sahur.

In zaɓi ya zama tsakanin tirenin da baccin da ya kai awa shida, ni dai bacci nake cewa a ɗauka, musamman mai tuƙi ko mai aiki da inji washegari.

Mu mata lokacin kafin magariba muna kicin. Yaushe za mu yi?

Haka ne, kuma tsayuwa gaban wuta daga la'asar zuwa magariba ita ma zufa ce, a lissafa ta. Abin da ya fi yi wa mata da yawa shi ne bayan isha a cikin gida, minti ashirin zuwa talatin, tsallen igiya, tsugunne da tashi, ko zagaya tsakar gida da sauri, kafin a ci babban abinci. Wadda ke aiki kuma ta dawo ta ɗora tukunya, sau biyu a sati ma ta yi ƙoƙari. Kwanakin da ba kya azumi saboda al'ada za ki iya komawa lokacin safe in jikin ya yarda tunda akwai damar shan ruwa. Mai ciki da mai shayarwa su tsaya a tafiyar ƙafa da dare, sauran sai da shawarar asibitin da suke awo.

Ai ƴan wasa na buga gasa da azumi a baki, me zai hana ni?

Suna yi. Hakeem Olajuwon ya zama gwarzon wata na gasar ƙwallon kwando ta NBA a Fabrairun 1995 alhali yana azumi, kuma a Afrilun 2021 an ɗan tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace a gasar Firimiya don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa. Amma su wasan shi ne aikinsu, suna da likita da mai tsara musu abinci, kuma suna iya kwana rabin yini. Kai ka tashi daga shago ko ofis ne ka zo fili. Ƙwallon unguwa gab da magariba ba laifi in an gajarta, minti goma sha biyar sau biyu, ƙaramin fili, a riƙa canji, kuma a ajiye ruwa da dabino a bakin fili don kar a ce sai an koma gida.

Goman ƙarshe da tahajjud, sannan bayan Sallah, ya ake yi?

Goman ƙarshe dare ya tafi, wanda zai tsaya tahajjud daga ƙarfe 1 ko 2 ba shi da gurbin tirenin bayan asham, wannan lokacin na kwanciya ne. Ka rage zuwa sau ɗaya ko biyu a cikin kwanakin, minti ashirin da biyar gab da magariba da nauyi matsakaici, ko ka bari gaba ɗaya, kwana goma ba ya rushe ƙarfin da aka gina a shekara. Mai itikafi dama maganar ba ta taso ba.

Bayan Sallah kar ka koma tsohon jadawali a rana ɗaya. Satin farko ka dawo da lokacinka na asali da yawan kwanakin, amma zagayen ka bar su yadda suke a azumi, sati na biyu ka ƙara su, na uku ka fara neman ƙarin nauyi. Mai gudun safe ya fara da rabin nisan da ya saba, domin ƙafa da agara sun fi numfashi jinkirin sabawa. In za ka yi Sitta Shawwal a jere, ka ci gaba da tsarin azumi har ka gama su, in kuma warwatse za ka yi, sai ka sa su a ranakun da dama ba ka da tirenin mai nauyi.